Manoma 120 a Cikin Sanduna Takwas: Abin da Hoton Histogiram Zai Iya Faɗa Maka

Rahotanni da yawa da ke isowa hannunmu, na ma'aikatu ne ko na ƙungiyoyi, ba sa zuwa da ainihin alƙaluman da aka tattara. Sai dai ka ga hoto guda: sanduna a tsaye, manne da juna, wasu dogaye wasu gajeru, da lambobi jere a ƙarƙashinsu. Wannan zanen shi ake kira histogiram, sunan da masanin ƙididdiga na Ingila Karl Pearson ya fito da shi a rubuce a 1895. Takardun da aka cike a ƙauyuka suna can a kulle a ofishin wani, ko a kwamfutar da ba ka da iko da ita. Hoton nan kaɗai gare ka, kuma ga tambaya a gabanka: nawa mutum ɗaya ke samu?

Ana iya amsa tambayar daga hoton, da rula da biro da takarda. Sai dai amsoshin da hoton ke bayarwa ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wata za ka iya dafa ta ka tsaya, wata kuwa sai da taka-tsantsan, kuma abin takaici shi ne wadda mutane suka fi ambato ita ce mai raunin.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Misalin na koyarwa ne, ba rahoton wata ƙungiya ta gaske ba. A ce ƙungiyar manoman masara ta fitar da rahoton kaka, a ciki akwai histogiram na yawan buhunan da kowane memba ya samu, kuma an rubuta a ƙasan hoton cewa manoma 120 aka ƙirga. Layin ƙasa ya tashi daga 0 zuwa 80, an yanka shi goma-goma. Sanda ta farko tana kan 0 zuwa 10, ta biyu 10 zuwa 20, haka har ta takwas da ke kan 70 zuwa 80. Layin da ke tsaye a gefen hagu yana nuna yawan manoma, daga 0 zuwa 40. Sanda ta biyu ce ta fi tsawo, daga nan sai sandunan suka riƙa gajarta suna gangarawa dama, har ta ƙarshe da ƙyar ake ganinta.

Kafin a taɓa rula, a tabbatar histogiram ɗin ne. Idan abin da ke ƙarƙashin sandunan sunaye ne, kamar Kano, Zariya, Maraɗi, to zanen kwatanta rukunai ne kawai, ana iya sauya wa sandunansa wuri ba abin da ya lalace, kuma maganar ɗan tsakiya ko karkata ba ta taso ba. A histogiram layin ƙasa ma'auni ne mai tafiya a jere, kowace sanda kuma tana cewa: mutum kaza ne suka faɗo tsakanin nan da nan.

Mayar da sanduna lambobi

Aikin farko shi ne auna tsawon kowace sanda. A ce ka ɗora rula a kan layin gefe ka tarar daga 0 zuwa 40 santimita 8 ne. Ke nan kowane manomi ɗaya ya ci milimita 2 a takarda. Sanda ta farko ta ba ka santimita 3.2, wato manoma 16. Ta biyu 7.6, manoma 38. Ta uku santimita 6 cif, manoma 30. Sauran biyar ɗin suka ba da 16, 10, 6, 3 da 1.

Yanzu sai ka tara su. Idan jimlar ta ba da 120 kamar yadda aka rubuta a ƙasan hoton, awonka ya yi. Idan ta ba da 118 ko 123, kuskuren ido ne, ka sake duba gajerun sandunan. Idan kuwa 90 ta ba ka, akwai matsala babba: ko dai an yanke wani ɓangare na hoton, ko layin gefen ba yawan mutane yake nunawa ba. Wani lokaci kashi cikin ɗari yake nunawa, a nan jimlar 100 za ta bayar, kuma duk lissafin da ke tafe yana aiki yadda yake.

Abu biyu ke ɓata wannan awo. Na farko shi ne layin gefen da bai fara daga sifili ba. In aka fara shi daga 5, alal misali, sanda mai mutum 10 za ta yi kama da rabin rabin mai mutum 25, alhali ta kusa rabinta, masu ƙasa da 5 kuma su ɓace gaba ɗaya. A irin wannan hoton dole ka karanta lambar da ke daidai da kan sandar, tsawonta ba zai taimake ka ba. Na biyu shi ne hoton da aka ɗauka da waya a karkace, inda gefe ɗaya na takardar ya fi kusa da kyamara. Sandunan wancan gefen za su ƙara tsawo ba gaira ba dalili. Faɗaɗa hoto a fuskar waya ba laifi ba ne, muddin ka auna layin gefe da sandunan duka ba tare da ka sake taɓa girman ba.

Ɗan tsakiya

A ajin lissafi ana kiransa midiyan. Ma'anarsa mai sauƙi ce: a jera manoman nan 120 a layi, daga wanda ya fi kowa ƙarancin buhu zuwa wanda ya fi kowa yawa, sai a tafi tsakiyar layin a tambayi wanda ke tsaye a wurin buhu nawa ya samu. Rabin jama'a suna ƙasa da shi, rabi suna sama.

Histogiram ya riga ya yi maka jerin, saura ƙirga. Rabin 120 shi ne 60. Sanda ta farko ta kawo 16. Ƙara ta biyu, an kai 54. Ba a kai 60 ba tukuna. Ƙara ta uku, an tsallake zuwa 84. To mutumin da muke nema yana cikin sanda ta uku, tsakanin buhu 20 da 30. Wannan magana ba ƙiyasi ba ce. In dai awon sandunan daidai ne, babu yadda za a yi ɗan tsakiya ya fita daga wannan rukunin, ko da ainihin alƙaluman yaya suke.

Ƙiyasi yana shigowa ne idan ana son a matse shi zuwa lamba guda. Muna da 54 a baya, muna buƙatar ƙarin 6 mu cika 60, kuma sandar tana ɗauke da mutum 30. Shida cikin talatin kashi ɗaya ne cikin biyar. Idan muka ɗauka cewa mutanen 30 sun bazu daidai wa daida tsakanin 20 da 30, to mu ma sai mu shiga kashi ɗaya cikin biyar na faɗin sandar, wato buhu 2. Ɗan tsakiya ya zama kimanin buhu 22.

Ga wani abu da nake jin daɗin nuna wa mutane. Ko da an goge lambobin layin gefe gaba ɗaya, amsar ba ta canzawa. Tara tsawon sandunan a santimita: 24. Rabinsa 12. Biyun farko sun ba da 10.8, saura 1.2, kuma sanda ta uku santimita 6 ce. Kashi ɗaya cikin biyar ya sake fitowa, 22 ya sake fitowa. Dalili kuwa shi ne lissafin bai damu da ainihin yawan mutane ba, rabon da ke tsakanin sandunan kawai yake bi. A ido, ɗan tsakiya shi ne wurin da za ka ja layi a tsaye ya raba fentin hoton gida biyu daidai.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a dubi layin ƙasa, a ga ya tashi daga 0 zuwa 80, a ce tsakiya 40 ne. Tsakiyar takarda ke nan, ba tsakiyar mutane ba. Manoma 100 cikin 120 suna ƙasa da buhu 40. Wasu kuma sanda mafi tsawo suke nunawa. Ita wannan tana faɗa maka inda jama'a suka fi taruwa ne, tsakanin 10 da 20, kuma wanda ya yi lissafin jarrabawar WAEC zai tuna yadda ake gicciya layuka biyu a kanta don ƙiyasta mod. Abu ne mai amfani, amma ba shi muke nema ba.

Matsakaici, da abin da ake ɗauka ba a faɗa ba

Matsakaici, wanda ɗalibai ke ce wa min, shi ne a zube buhunan kowa wuri ɗaya a raba daidai. Don samunsa ana buƙatar jimlar buhuna, ita kuwa hoton bai ba mu ba. Mun san mutum 38 sun samu tsakanin 10 da 20, amma ba mu san ko yawancinsu 11 suka samu ko 19 ba. Mafita ita ce a ɗauki kowa kamar yana tsakiyar rukuninsa: 'yan sanda ta farko a ba su 5 kowanne, na biyu 15, na uku 25, har zuwa 75.

Mutum 16 sau 5 ya ba da buhu 80. Mutum 38 sau 15, 570. Mutum 30 sau 25, 750. Sauran suka ba da 560, 450, 330, 195 da 75. Jimla buhu 3,010. A raba wa mutum 120, kowa ya tashi da 25 da ɗan ɗigo. Matsakaici kimanin buhu 25 ke nan.

Kalkuleta zai nuna maka 25.083, kuma ina roƙon mai karatu kada ya kwafe wannan jelar. Lamba uku bayan ɗigo tana nuna wani tabbaci da ba mu da shi. Dubi iyakar abin da hoton ya lamunce. Da a ce kowane manomi yana can ƙasan rukuninsa ne, da kowa ya rasa buhu 5 daga abin da muka ba shi, matsakaici ya sauko 20. Da kowa yana can sama, da ya hau 30. Ke nan kuskuren wannan hanya ba zai wuce rabin faɗin sanda ba, kuma a aikace ya kan yi ƙasa da haka sosai, domin wanda aka ƙara wa a nan ana rage wa wani a can, sai su cinye juna. Amsar da ta dace a faɗa ita ce: wajen 25 ne, kuma ba zai fita daga 20 zuwa 30 ba.

Akwai hanyar duba amsar da hannu. Manna hoton a kwali, ka yanke siffar sandunan da almakashi, ka ɗora kwalin a kan kaifin rula, rular tana bin tsayin sandunan. Matsa shi hagu da dama har ya tsaya bai rinjaya ba. Inda ya tsaya, nan ne matsakaici. Wannan ba dabara ce ta wasa ba, ainihin abin da lissafin ke yi ke nan, kuma shi ke bayyana dalilin da ya sa matsakaici ya wuce ɗan tsakiya da buhu uku. A wajen ɗan tsakiya kowane mutum ƙuri'a ɗaya gare shi, mai buhu 75 da mai buhu 23 duk "sama da tsakiya" ne kawai. A wajen matsakaici kuwa nisa yana da nauyi, kamar yadda ƙaramin dutse a can ƙarshen hannun sikeli ke ɗaga babban kaya da ke kusa da tsakiya. Manoma goma da ke sama da buhu 50, mutum ɗaya cikin goma sha biyu ke nan, su ke da kimanin buhu 600, kashi ɗaya cikin biyar na duk amfanin.

Saboda haka ne gajerun sandunan can gefe suka fi dogayen buƙatar kula wajen awo, duk da ido dogayen yake bi. A ce ka karanta sanda mafi tsawo 40 maimakon 38. Matsakaici zai sauko daga 25.1 zuwa 24.9, abin da bai taka kara ya karya ba. Amma ka yi kuskuren mutum biyun nan a sanda ta ƙarshe, ka karanta 3 maimakon 1, sai ya haura zuwa 25.9. Kuskure iri ɗaya, ɓarna ta ninka kusan sau biyar. Ɗan tsakiya kuwa a duka biyun kusan sulusin buhu kawai ya motsa.

Wannan bambanci na buhu uku yana da sakamako a rayuwar mutane. Idan shugabannin ƙungiya suka tsara bashin taki bisa cewa "memba yana samun buhu 25," to sun gina tsarin a kan adadin da yawancin membobi ba su kai ba. Ƙirga daga hoton: 54 na ƙasa da 20, da kimanin rabin sanda ta uku, mutum 15, sun zama 69 cikin 120. In tambayar ita ce buhu nawa za a tanadar wa wuri a sito, matsakaici ne amsa, domin shi ke riƙe da jimla. In kuwa tambayar ita ce me talakan memba zai iya biya, ɗan tsakiya za a duba. Na fi son duk rahoton da ya shafi kuɗi ko amfanin gona ya kawo su biyun, kuma idan ɗaya kawai aka ba ni, na kan nemi ɗayan daga hoton.

Ina jelar ta nufa

Karkata ita ce rashin daidaito tsakanin ɓangarorin hoton biyu. A nan ma ido yana yaudara. Mutum ya kan ga tudun sandunan ya taru a hagu, sai ya ce hoton ya karkata hagu. A ƙa'idar masu ƙididdiga jela ake bi, ba tudu ba. Hoton manomanmu tudunsa na hagu, jelarsa ta miƙe dama, don haka karkatarsa ta dama ce. Haka abin yake ga yawancin abubuwan da ba sa sauka ƙasa da sifili amma ba su da rufi a sama: kuɗin shiga, girman gona, yawan shanu, tsawon jira a layi.

Karkata ta hagu ita ma tana nan a rayuwa. Dubi tsawon goyon ciki. Yawancin haihuwa tana faɗowa ne wajen mako na 39 da na 40, kaɗan ne ke wuce mako 42, amma bakwaini suna zuwa tun makonni da yawa kafin lokaci. Tudun yana dama, jelar ta ja hagu, kuma matsakaici yana ƙasa da ɗan tsakiya.

Ana iya auna karkatar da irin ƙirgar da muka yi ɗazu, ba sai an dogara da ido ba. A nemo mutumin da ke rubu'in layi, na 30, da wanda ke rubu'i na uku, na 90. Na 30 yana sanda ta biyu: 16 a baya, saura 14 cikin 38, ya faɗo wajen buhu 14. Na 90 yana sanda ta huɗu: 84 a baya, saura 6 cikin 16, wajen buhu 34. Daga 14 zuwa 22 tazarar buhu 8 ce, daga 22 zuwa 34 kuwa 12. Ɓangaren sama ya fi miƙewa da rabi. Karkata ce ta dama, a fili take, amma ba mai tsanani ba. Alherin wannan awo shi ne bai dogara da manomi ɗaya tilo da ke can ƙarshen jela ba.

Littattafan makaranta suna koyar da cewa in karkata ta dama ce matsakaici yana sama da ɗan tsakiya, in ta hagu ce yana ƙasa. Yawancin lokaci haka ne, misalinmu ma ya bi. Amma ba doka ba ce, kuma a 2005 wani mai bincike, Paul von Hippel, ya wallafa maƙala musamman don nuna inda take karyewa. Ta fi karyewa idan abin da ake ƙirgawa 'yan lambobi ne ƙalilan. A ce iyalai 100 masu haya: 30 suna da ɗaki ɗaya, 55 ɗaki biyu, 10 ɗaki uku, 4 ɗaki huɗu, 1 ɗaki biyar. Jelar tana dama ƙarara. Ɗan tsakiya ɗaki 2 ne. Jimlar ɗakuna kuwa 191, matsakaici 1.91, ƙasa da ɗan tsakiya. Abin da ya faru shi ne iyalai 30 na hagu sun ninka 15 na dama, kuma nisan na daman bai isa ya rama ba. A irin wannan hoton, inda kowace sanda lamba guda ce, akwai sauƙi ɗaya: ba ƙiyasi kake yi ba, ainihin amsar kake samu.

Inda hoton ke ɓoye abu

Babbar matsala ita ce sanda ta ƙarshe da ba a rufe ba. A ce mai zanen ya haɗe manoma goman nan na sama ya rubuta "50 zuwa sama." Rukunin da ba shi da ƙarshe ba shi da tsakiya. In ka ba su 55 kowanne, matsakaici ya zama 24.7. In kuwa ashe a cikinsu akwai manyan manoma, har rabonsu ya kai buhu 100 kowanne, ya zama 28.4. In akwai mai buhu dubu, ya wuce haka nesa. Lamunin nan na rabin faɗin sanda ya faɗi, domin babu rufi. Abin da za ka iya faɗa da gaskiya shi ne matsakaici bai gaza kaza ba. Ɗan tsakiya kuwa yana nan a 22, rubu'an biyu ma suna inda suke, tunda su ƙirga kawuna suke yi, ba su tambayi abin da ke sito ba. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake cewa hoto ya fi iya ba da ɗan tsakiya.

Ta biyu ita ce sandunan da faɗinsu ba ɗaya ba. A ce an haɗe daga 40 zuwa 80 an yi sanda ɗaya mai mutum 20. Idan mai zanen ya ba ta tsawon 20, za ta fi maƙwabciyarta mai 16 tsawo, ga faɗi ninki huɗu, sai hoton ya nuna kamar manyan manoma sun cika ƙungiyar. Zanen da ya bi ƙa'ida zai ba ta tsawon 5 ne, wato mutum biyar a kowane buhu goma, domin a histogiram na gaskiya filin sanda ne ke wakiltar yawan mutane, tsawo sau faɗi. Don haka idan ka ga faɗi ya bambanta, ka gwada hanyoyin biyu: tara tsawo kaɗai, sannan tara tsawo sau faɗi. Wadda ta ba da 120 ita mai zanen ya bi. Ko ka gane hanyar ma, faffaɗar sanda tana da nata lahani. Tsakiyar 40 da 80 ita ce 60, sai lissafi ya ba mutum 20 ɗin buhu 1,200, alhali da ƙananan sanduna 1,050 muka samu, domin rabinsu suna cunkushe a ƙasa da 50. Matsakaici ya tashi zuwa 26.3. A jela mai gangarawa mutane sun fi yawa a gefen da ke kusa da tudu, don haka ɗaukar tsakiya ya kan zarce.

Ta uku ta shafe mu sosai, kuma ba kasafai littafi ke ambatonta ba. Tambayi manomi buhu nawa ya samu, zai ce ashirin, ko talatin. Da wuya ka ji ashirin da uku. Masu nazarin ƙidayar jama'a sun daɗe da sanin irin wannan a wajen shekaru, inda mutane ke taruwa a lambobin da suka ƙare da 0 ko 5, har suna da ma'auninsa da ake kira ma'aunin Whipple. To lambobin da mutane ke so su ne daidai iyakokin sandunanmu. Mai buhu 20 cif, sanda ta biyu aka sa shi ko ta uku? Hoton ba ya faɗa, manhajojin zane ma ba su yi ittifaƙi ba, wasu na tura shi sama, wasu ƙasa. Idan sama aka tura su, kuma goma daga cikin 30 na sanda ta uku duk "ashirin" suka ce, to ɗan tsakiya 20 ne, ba 22 ba, matsakaici ma ya yi ƙasa da yadda muka lissafa. In ƙasa aka tura, kuskuren ya juya. Idan an rubuta rukunan kamar 10–19 da 20–29, an warware maka, sai dai ka tuna tsakiyar 10 da 19 ita ce 14.5. Idan ba a rubuta ba, kuma ka san da baki aka tattara amsoshin ba da awo ba, ka sassauta riƙon da ka yi wa lambar.

Saura hoto mai tudu biyu. A dajin Yellowstone na Amurka akwai wata maɓuɓɓugar ruwan zafi mai suna Old Faithful, wadda ke tsartuwa lokaci-lokaci, kuma alƙaluman jiranta sun shahara a azuzuwan ƙididdiga. A cikin sanannen jerin awo 272, tazarar da ke tsakanin tsartuwa da tsartuwa ta taru a wuri biyu, wajen minti 55 da wajen minti 80. Matsakaicinta kimanin minti 71 ne, kusa da kwarin da ke tsakanin tuddan biyu, lokacin da ba kasafai ake jira ba. Lissafin daidai ne, amma lambar ba ta siffanta komai. Da hoton manomanmu ya fito haka, da sai in yi zargin an gauraya jama'a iri biyu ne, wataƙila masu sa taki da marasa sawa, ko masu babbar gona da masu ƙarama. Abin yi shi ne a raba hoton a kwarin, a yi wa kowane tudu nasa lissafin. Kuma tudu biyu na iya ɓuya idan sandunan sun yi faɗi: da an zana manomanmu da sanduna biyu kacal, 0 zuwa 40 da 40 zuwa 80, da 100 da 20 kawai za mu gani, ɗan tsakiya ya fito 24, matsakaici kusan 27, tazarar lamuni kuma ta zama buhu 20 kowane gefe maimakon 5.